Zan rufe shago don Sallah kuma zan tashi zuwa wani wuri: yaya zan sanar da kwastomomi?

*Tambaya: Ina sayar da atamfa da shadda a kan sari a Kantin Kwari. Yawancin kwastomomina na nesa ne, ta waya suke yin oda in aika musu ta tasha. Bana zan rufe don Ƙaramar Sallah, kuma idan an dawo ba a tsohon shagon zan buɗe ba, na kama wani a wani layin. Yaya zan sanar da su ba tare da kayan wani ya maƙale ko na rasa ciniki ba?*

Alhaji, Allah ya sanya alheri a sabon wuri. Abin da zan fara gaya maka shi ne, ranar da za ka rufe shago ba ita ce ta dami wanda yake Maiduguri ko Damagaram ba. Shi abin da yake son sani shi ne ranar ƙarshe da zai turo kuɗi kayansa su iso hannunsa kafin Sallah. Yawancin sanarwar da nake gani a kasuwa tana cewa ne "za mu rufe ranar kaza, sai bayan Sallah", sai kwastoma ya ɗauka har zuwa yammacin ranar yana da damar yin oda. Ya turo kuɗi da la'asar, yara sun riga sun ja ƙofa, motar garinsu ta tashi tun safe, kuɗinsa su kwana goma a asusunka babu kaya. Daga nan ake samun ɓacin rai, ko da ba ka yi niyyar cutar kowa ba.

Don haka lissafin daga baya ake faro shi. Bari mu ɗauki misali mu bi shi har ƙarshe. A ce 29 ga azumi ta kama ranar Alhamis 19 ga watan Bature, wato Sallah Juma'a ce ko Asabar, gwargwadon ganin wata. Ka yanke cewa Laraba 18 ga wata ita ce ranarka ta ƙarshe a shago. Kayan da za su yi nisa bai kamata su wuce Talata 17 ba a kai su tasha ba, domin a makon ƙarshe na azumi motoci fasinja suke nema, kuɗin kaya yana tashi, kuma direba yana iya karɓar ƙullinka ya ajiye a rumfar tasha sai motar gobe. Idan Talata za a yi lodi, to Litinin 16 ranar ɗaurin kaya ce: a fitar da turamen kowa, a ƙirga, a ɗauki hoto a tura masa, a ɗaure, a rubuta suna da lambar waya a jikin buhu. Wannan yana nufin kuɗi ya kamata su shigo su tabbata a asusu zuwa Lahadi 15 da yamma. Ka ga tsakanin ranar rufe oda ta nesa da ranar rufe shago akwai kwana uku. Wanda zai zo da ƙafarsa ya saya ya ɗauka yana da har Laraba, amma na nesa Lahadi ce tasa, kuma ita za ka sa a farkon sanarwa.

Mutanen ƙetare, kamar na Maraɗi da Damagaram, ka rufe musu oda kwana biyu kafin haka. Kayan da za su tsallaka iyaka ba ka da iko da sa'ar da za su wuce. Sannan ka tuna akwai shekarun da Nijar take yin Sallah kwana ɗaya kafin Najeriya, kwastomanka na can yana iya rufe nasa shagon alhali kai kana ganin akwai sauran rana.

A sana'arka akwai wani abu kuma da yake matso da lokaci gaba. Wanda yake sara a wurinka ba shi zai sa kayan ba. Zai sayar wa wani, wanin ya kai wa tela, telan kuma tun tsakiyar azumi ya fara cewa ya daina karɓar ɗinki. Shaddar da ta isa Maiduguri ana gobe Sallah ta isa, amma cinikinta ya wuce. Shi ya sa nake ganin sanarwar farko ta fita tun makon farko na azumi, lokacin da 'yan sari suke tsara kuɗinsu. Idan sun san cewa bayan 15 ga wata babu kai har ƙarshen wata, wanda yake niyyar sayayya sau biyu zai haɗa ta sau ɗaya, wanda yake son kayan da zai buɗe shago da su bayan Sallah zai saya tun yanzu. Sanarwar da ta fita da wuri sau da yawa ciniki take janyowa. Bayan wannan sai tuni ana saura mako ɗaya a rufe oda, sai na ƙarshe ana gobe. Uku sun isa. Idan ka mayar da shi kullum, mutane za su daina buɗe saƙonka.

Game da ranar dawowa, kada ka rubuta "bayan Sallah" kawai. Bayan Sallah a wurin wani kwana uku ne, a wurin wani mako biyu. Kada kuma ka ɗaure ta da kwanan watan Musulunci, tunda ba a san ko azumi 29 za a yi ko 30 ba sai Sarkin Musulmi ya sanar a daren. Ka zaɓi rana da kwanan watan Bature wanda zai zauna daidai ko ta wane hali, misali Litinin 30 ga wata. Gwamnatin tarayya takan ba da hutun kwana biyu, amma kai ka san Kwari ba ta cika a rana ta uku. Yara sun tafi garuruwansu, 'yan dako ba su dawo ba, kuma a shekarun da aka yi hawa, kwanakin Hawan Daushe da Hawan Nasarawa zirga-zirga a cikin gari takan yi wuya. Kai ga ƙarin aikin kwashe kaya. Ka sa ranar da ka tabbata kaya suna kan kanta a sabon shago, akwai yaron da zai ɗaure, akwai motar da za ta ɗauka. Gara ka ce Litinin ka buɗe Asabar da ka ce Asabar mutum ya zo ya tarar ana buga katako. Da Babbar Sallah abin ya fi sauƙi, domin da zarar an ga watan Zulhijja an san ranar tun saura kwana tara ko goma.

Ga yadda zan rubuta saƙon farko idan ni ne:

"Assalamu alaikum. Sanarwa daga shagon wane, Kantin Kwari. Ranar ƙarshe ta karɓar oda da kuɗi ga masu son a aika musu kaya kafin Sallah ita ce Lahadi 15 ga wata, ƙarfe 4 na yamma. Mutanen Nijar, Juma'a 13 ga wata. Za mu rufe shago Laraba 18 ga wata, mu dawo Litinin 30 ga wata in sha Allahu, a sabon shagonmu. Lambar wayarmu da asusun bankinmu ba su canza ba. Kwatancen sabon wuri yana tafe."

Ka lura ban cusa kwatancen a ciki ba. Labari biyu kake ɗauke da su, rufewa da tashi, idan ka haɗa su a dogon saƙo ɗaya mutum zai riƙe ɗaya ya manta ɗaya. Kafin Sallah abin da yake gabansa shi ne ranar oda, don haka a ambaci tashin a taƙaice. Cikakken kwatance ya fita shi kaɗai ana saura kwana biyu ko uku a buɗe, lokacin da masu niyyar zuwa suke shirin tasowa. Haka kuma gaisuwar barka da Sallah da addu'o'i a yi musu nasu saƙon daban. Idan sanarwa ta fara da layi shida na gaisuwa, mai karatu zai zaci irin saƙon da ake turawa kowa ne, ya ce amin ya wuce bai kai kan kwanan watan ba.

Jimlar nan ta "asusunmu bai canza ba" kada ka cire ta. Lokacin tashin shago lokaci ne da 'yan damfara suke so. Wani zai ɗauki hoton kayanka da sunan shagonka ya sa a kan wata lamba, ya bi kwastomominka yana cewa mun koma sabon wuri, ga sabon asusu, a turo nan. Tunda sun riga sun ji za ka tashi, maganar za ta shiga kunnensu. Saboda haka kada ka canza lamba ko asusu a cikin wannan tsakanin ko da kana da niyya, ka bari sai an yi wata biyu ko uku da zama. Ka faɗa musu a fili cewa duk wanda aka turo wa wata lambar asusu da sunanka, ya kira ka a lambar da ya sani ya ji muryarka kafin ya tura ko sisi, kuma ya duba sunan da ya fito a allon waya kafin ya danna.

Yanzu hanyar isar da saƙon. Da yawa suna sa shi a Status na WhatsApp su ɗauka an gama. Status bayan sa'a 24 yake ɓacewa, kuma wanda bai ajiye lambarka ba, ko kai ba ka ajiye tasa ba, ba zai gani ba. Broadcast ya fi, domin saƙon yana shiga wa kowa kamar shi kaɗai ka tura wa, amma shi ma yana da iyaka: jeri ɗaya mutum 256 yake ɗauka, kuma wanda bai ajiye lambarka a wayarsa ba saƙon ba zai isa gare shi ba. Kana iya gane haka idan ka danne saƙon ka duba bayaninsa, za ka ga waɗanda ya isa gare su da waɗanda suka karanta. Wanda aka kwana biyu bai isa gare shi ba, ka tura masa kai tsaye. Ka haɗa rubutun da saƙon murya gajere, wanda bai wuce minti ɗaya ba, ka faɗi ranakun a hankali sau biyu. Cikin 'yan kasuwarmu akwai masu juya miliyoyi waɗanda ba sa karanta dogon rubutu, akwai masu ƙaramar waya da sai kira ko tes. Idan tes za ka tura wa mutane da yawa, ka sani saƙo ɗaya harafi 160 ne, amma da ka sa haruffa masu lanƙwasa irin ƙ da ɗ sai ya koma 70, kuɗin ya ninka, don haka a tes kaɗai a rubuta da haruffan da babu lanƙwasa.

Amma duk wannan na jama'a ne. Akwai mutanen da sanarwa ba ta isar musu, sai kira, kuma a nan ne ainihin aikin yake. Ka ɗauki littafin shago mako biyu kafin rufewa ka fitar da sunan duk wanda ke da wani abu a hannunka: wanda ya biya bai karɓi kaya ba, wanda ya ba da kafin alƙalami yana jiran wani zane ya iso, wanda ya bar ajiya a sito ya ce zai aiko a ɗauka, wanda zai dawo da kaya a canza masa. Kowanne ka kira shi ku yanke magana ɗaya daga cikin uku: a aika masa kafin ranar rufewa, ko ya yarda da bakinsa a ajiye sai an dawo, ko a mayar masa da kuɗinsa. Bayan kiran ka tura masa abin da kuka yanke a rubuce, ko layi ɗaya ne, domin bayan Sallah kowa da yadda zai tuna maganar.

Misali, wata Hajiya a Jos ta ba da rabin kuɗin turmi ashirin na wani zane da kake jira daga Legas, kuma mai kawo maka ya ce sai wajen 17 ga wata. Wannan ya wuce ranar ɗaurinka. Kada ka yi shiru kana fatan motar ta iso da wuri. Ka kira ta tun 8 ko 9 ga wata ka ce, "Hajiya, kayan nan ba na jin za su same ki kafin Sallah. Akwai wani zanen mai kama da shi a hannu, in turo hoto? In kuma shi kike so, zai zama kayan farko da za mu ɗaure ranar 30. In kuɗin kike buƙata ki juya su, yau zan mayar." Ko wanne ta zaɓa, ta zaɓa da sauran lokaci a hannunta. Idan ka bari sai 18 ga wata ka gaya mata, ka riƙe mata jari a mako mafi ciniki a shekara, kuma wannan ba abin da haƙuri a waya yake gyarawa ba ne.

Kayan ajiya su ne suka fi ɓata a wajen kwashe shago. Dila ɗaya ta kwastoma ta shiga cikin naka a kan kura, a sabon wuri yaro ya kwance ya jera a kanta, a sayar. Kafin a ɗaga komai, a ware na mutane gefe, a rubuta suna da lamba da adadi a jiki da alƙalami mai kauri, a ɗauki hoto, a kwashe su a sawu na daban, sannan a ƙirga a can kafin a sallami 'yan dako. Waɗanda kake bi bashi su ma ka kira su, cikin mutunci, ka sanar da su sabon wuri. Idan ba ka yi ba, ka ba su hanzarin cewa sun zo ba su same ka ba. Waɗanda kai ma suke binka kuwa, ka riga kowa gaya musu, don kada wani ya zo ya ga shago a kulle ya fara yaɗa cewa ka karye ka gudu. Irin wannan magana a kasuwa ba ta da wuyar tashi, kuma tana isa kunnen kwastoman nesa kafin gaskiya ta isa.

Akwai waɗanda ba sa sayen komai a wurinka amma oda ba ta tafiya sai da su, kuma su aka fi mantawa. Direbobi da 'yan kamasho na tashoshin da kake aiki da su, mai adaidaita sahun da yake kai maka kaya tasha, 'yan dakon layinku, da wanda yake kawo maka kaya daga Legas ko daga sito. Kwastoma da yawa ba su taɓa taka Kwari ba, direban garinsu suke aikowa ya karɓo. Idan direban ya je tsohon shago ya tarar da wani, ba zai yi ta yawo yana nemanka ba alhali fasinja suna jiransa. Ka sa yaronka ya kai irin waɗannan sabon shagon da ƙafa su gani da idonsu.

Kwatancen kansa a yi shi yadda ɗan kasuwa yake yi. Lambar shago kaɗai ba ta kai mutum ko'ina a Kwari. A faɗi ta inda za a shigo, sunan layi, sunan gida, ƙasa ne ko bene, hannun dama ko hagu, da abin da ke kusa wanda kowa ya sani, masallaci ko banki. Abin da ya fi duka aiki shi ne ka sa yaro ya ɗauki bidiyo yana tafe daga ƙofar tsohon shago har ƙofar sabo, yana faɗin inda ake karya kwana, tunda tsohon shi mutane suka sani. Ka haɗa da hoton gaban shagon da allon suna a jiki, wanda ke nufin allon ya hau kafin ranar buɗewa. Location na WhatsApp yana taimaka wa mai zuwa daga wajen kasuwa, amma a cikin cunkoson gine-gine yakan kauce da 'yan mitoci, kuma bai san bene ba.

Tsohuwar ƙofa kuma kada ka sake ta haka nan. Ka liƙa sanarwa babba da sabon kwatance da lambar waya, a leda ko a bana don kada ta yage. Sai dai ka sani takarda tana rayuwa ne iya yardar wanda ya gaje ka. Idan shi ma atamfa yake sayarwa, wanda ya zo nemanka yana iya jin "ai ya tashi, me kake so, muna da shi". Ba lallai mugunta ba ce, kasuwa ce. Don haka ka yi magana da maƙwabtan dama da hagu waɗanda kuka daɗe tare, ka bar musu katinka, kuma mako biyu na farko ka ajiye yaro ɗaya da kwastomomi suka san fuskarsa a bakin tsohon layin, daga hantsi zuwa la'asar, yana rako mutane. Idan akwai sauran kwanaki a kuɗin hayar tsohon shagon, kada ka yi saurin miƙa makulli, ka bar shi a buɗe da 'yan samfura har su ƙare.

A kwanakin da kake rufe, wayar shago kada ta mutu. Idan WhatsApp Business kake amfani da shi, akwai Away message a cikin kayan aikin kasuwanci, ka zaɓi Custom schedule ka sa ranar farawa da ta ƙarewa, duk wanda ya yi magana zai sami amsa. Wayar tana buƙatar data da caji kafin amsar ta fita, don haka kada a kulle ta a durowar shago. Ka rubuta cewa kuna hutu har Litinin 30 ga wata, ana iya barin oda za a bi layi idan an dawo, amma kada a turo kuɗi sai an tabbatar da kaya da farashi. Wannan sharaɗin ina ba shi muhimmanci saboda dalili biyu. Farashi yana iya motsawa a cikin kwana goma, ka dawo ka tarar wani ya biya a tsohon kuɗi yana jiran kaya. Sannan idan tiransifa ta maƙale, an cire masa kai ba ka gani ba, bankuna suna hutu babu inda zai kai ƙorafi sai an koma aiki. Duk da haka wani zai turo. Ka duba alat sau ɗaya a rana, ka amsa masa cewa kuɗi sun shigo kuma ga ranar da za a ɗaure kayansa.

Sauran ƙananan gyare-gyare ka ba su yini ɗaya a makon buɗewa: adireshin da ke kan bayanin WhatsApp ɗinka da shafukanka, rasit da hatimi da ledar shago, da taswirar Google idan shagonka yana kai. Rasitan da suka rage a buga musu hatimin sabon adireshi maimakon a zubar. Idan kana da na'urar POS ka sanar da kamfanin da ya ba ka, domin tun 2025 Babban Bankin Najeriya ya ba da umarnin a ɗaure kowace na'ura da wurin da aka yi mata rajista. Idan kuma kasuwancin yana da rajista da CAC, can ma ana sabunta adireshi.

Ranar da ka buɗe, kafin ka ɗauki sabuwar oda, ka fara da waɗanda ka yi wa alƙawari: masu ajiya, masu kafin alƙalami, sannan waɗanda suka bar saƙo lokacin hutu, bi da bi yadda suka shigo. Bayan mako biyu ka sake buɗe littafin ka duba manyan 'yan sarinka, mutum ashirin ko talatin da suka fi ɗaukar kaya. Duk wanda ya saba magana a irin wannan lokaci kuma ka ji shi shiru, ka kira shi ku gaisa, ka tambaye shi ko kwatancen ya same shi, ka sake tura masa bidiyon.